Yadda ake siffanta zane ga wanda bai gan shi ba, har ya iya yin gyara

Mai zane ya gama samfurin fosta, gobe da safe za a kai wajen bugawa, yana son ogansa ya duba masa kafin kuɗi su fita. Oga yana kan hanya, sabis ba ya ɗaukar hoto, ko kuma fayil ɗin na CorelDRAW ne wanda waya ba ta buɗewa. Wani lokacin ma mai aikin ne da kansa idonsa ya yi rauni, sai an karanta masa komai. Abin da ya rage shi ne baki da kunne. Sai a kira, ka ji yaron yana cewa, "Oga, wallahi ya yi kyau. Shuɗi ne da ɗan ja, ga ƙwaryar fura a tsakiya, rubutun ma ya fito raɗau."

Babu abin da oga zai iya kamawa a wannan magana. An ba shi hukunci, ba a ba shi shaida ba. Wane shuɗi? Jan yana ina, a kan me yake zaune? "Raɗau" daga taku nawa? Aikin mai siffantawa shi ne ya faɗi abin da ke kan takardar, da girmansa da wurinsa da haskensa, ya bar wa mai sauraro yanke hukunci. Idan an yi haka bisa tsari, yawancin manyan kurakuran zane ana gano su ba tare da an ga hoton ba, domin galibinsu kurakuran awo ne da na dangantaka tsakanin abu da maƙwabcinsa. Bari mu bi wannan fosta ta shagon fura da nono daga farko har ƙarshe.

Ana farawa da filin da kansa. Takardar A3 ce a tsaye, faɗinta santimita 29.7, tsayinta 42, za a liƙa ta a bangon shago, mai wucewa zai gan ta daga kamar mita uku. Wannan jimla ɗaya ta riga ta ba oga ma'auni, domin duk girman da za a ambata nan gaba da ita zai gwada shi. Daga nan sai a raba filin gida tara, a ja layi biyu a kwance, biyu a tsaye. A kan A3 kowane gida yana da faɗin santimita 9.9 da tsayin 14. Oga ya samu kowace irin takarda, ko bayan rasit ne, ya ja waɗannan layuka, ya riƙa cika gidajen yayin da ake masa bayani. Kafin a ci gaba kuma a yi yarjejeniya a kan hagu da dama: hagun mai kallo ake nufi. Idan akwai mutum a cikin hoton, hannunsa na dama yana hagun mai kallo, kuma wannan ƙaramin ruɗani kaɗai ya isa ya sa a yi minti goma ana gyaran abin da ba ya nan.

To, yanzu manyan abubuwa, daga babba zuwa ƙarami. A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, domin sukan fara da abin da ya fi ba su wahala wajen yi, misali ɗan adon da suka sa a kusurwa. Mai sauraro kuwa abin da aka fara faɗa masa shi yake ɗauka a matsayin babba. Ga yadda ya kamata bayanin ya zo: "Oga, bango duka launi ɗaya ne, babu ado, ya cinye fiye da rabin fili. Gidaje uku na sama rubutu ne, FURA DA NONO, layi biyu, tsayin harafi santimita huɗu. Ƙwarya tana gidan tsakiya, faɗinta santimita 18, ta shiga gidan hagu da na dama kusan rabi-rabi. Ludayi yana cikinta, mariƙinsa ya miƙe ya nufi kusurwar sama ta dama. A gidajen ƙasa akwai layi uku na ƙaramin rubutu, adireshi da lokacin buɗewa da lambar waya. Can ƙasa kuma akwai ɗamara mai tsayin santimita uku daga gefe zuwa gefe, da jimla ɗaya a cikinta." Ba a ambaci launi ko ɗaya ba tukuna, amma oga yana da taswirar fostar a hannunsa.

Launi shi ne wurin da ya kamata a daɗe, domin nan harshe ya fi yaudara. Kalmar "ja" a Hausa faffaɗa ce ƙwarai. Jar ƙasa, jan barkono, jan mutum, jar kanwa, duk ja ne a baki, amma babu biyu daga cikinsu da suka yi kama a ido. "Ruwan goro" ma haka, kowa da goron da ke ransa. "Shuɗi" yana iya zama na baba wanda ya sha turmi har ya kusa baƙi, irin na marinar Ƙofar Mata, yana iya zama na bula, yana iya zama na sararin sama da hantsi. Kwatanta launi da abin da kowa ya sani dabara ce mai kyau, kuma Hausa ta ƙware a kanta: ruwan toka, ruwan hoda, ruwan hanta, ruwan ɗorawa, ruwan madara, ruwan makuba. Sai dai kwatancen yana ba da amsar tambaya ɗaya ce kawai daga cikin uku.

Wani mai zane ɗan Amurka, Albert Munsell, ya fitar da tsari a 1905 wanda ya raba kowane launi zuwa abu uku, kuma har yau da shi ake tunani a wannan fanni. Na farko dangin launin, wato ja ne ko kore ko shuɗi. Na biyu haskensa ko duhunsa, a kan tsani daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 10, fari fat. Na uku ƙarfinsa, wato yana da kaifi kamar sabon atamfa ko ya koɗe kamar wadda ta sha wanki. Mutane kan faɗi na farko su tsaya. Amma na biyun ne yake yanke hukuncin ko za a iya karanta rubutu, ko abu zai fito daga bango, ko ido zai san inda zai fara sauka. A ganinmu, idan lokaci ya ƙure har sai an zaɓi ɗaya, a faɗi matakin haske a bar sunan launin.

Gano matakin ba shi da wuya. Mai zane ya ɗauki hoton fuskar kwamfutarsa ya mayar da shi baƙi da fari, ko ya ja baya ya ƙanƙance idanunsa har ƙananan abubuwa su ɓace, sai dunƙule-dunƙulen haske da duhu. Sannan ya ba kowane dunƙule lamba. Tunda samfurin a kwamfuta yake, akwai hanya mafi daidai: ya taɓa kowane launi da `Eyedropper` ya karanto lambarsa, harafi da alƙalami shida, waɗanda ake iya turawa ta gajeren saƙo ko sabis bai da ƙarfi. A fostarmu ga abin da ya fito:

```
bango         #1B2A49
babban rubutu #F2B705
lambar waya   #C1121F
ɗamara        #F5E9D0
```

Bangon shuɗin baba ne mai duhu, yana wajen mataki na 2. Babban rubutu ruwan ɗorawa ne mai ƙarfi, mataki na 8. Ƙananan layukan nan uku ja ne wur, mataki na 4. Ɗamarar ƙasa ruwan madara ce, mataki na 9, kuma jimlar da ke cikinta an yi ta da ɗorawar nan ta sama. Nonon da ke cikin ƙwarya shi ne mafi haske a fostar, tsakanin 9 da 10, jikin ƙwaryar kuma wajen 6.

Da jin waɗannan lambobi oga ya ga matsala biyu, bai buƙaci hoto ba. Ja mai mataki 4 a kan shuɗi mai mataki 2, tazara biyu ke nan kacal. A fuskar kwamfuta jan yana ɗaukar ido saboda ƙarfinsa, shi ya sa yaron ya ce ya fito raɗau, amma ƙarfin launi ba ya raba harafi da bango, tazarar haske ce ke raba su. Akwai ma'aunin da ake kira WCAG, wanda aka tsara domin rubutun shafukan intanet, yana auna wannan tazara daga 1:1 zuwa 21:1. Yana neman aƙalla 4.5:1 ga ƙaramin rubutu, 3:1 ga babba, wato daga `18 pt` zuwa sama, ko `14 pt` idan mai kauri ne. Idan aka sa lambobin nan biyu a na'urar lissafinsa, jan da shuɗin suna ba da kusan 2.3:1. Sun faɗi ko a ma'aunin babban rubutu. Ɗorawa a kan madara ta fi muni, 1.5:1, kusan kamar a rubuta da alli a kan farar bango. Ita ɗorawar a kan shuɗi kuwa 7.8:1 ce, shi ya sa babban rubutun ba shi da matsala. Ma'aunin na fuskar na'ura ne, amma yana da amfani ga takarda a matsayin gargaɗi, domin tawada takan bazu kaɗan a jikin takarda, launuka masu duhu su ƙara duhu, tazarar da take ƙarama ta ƙara matsewa.

Sai oga ya yi tambaya ɗaya: "Lambar wayar nan, girmanta nawa?" Aka ce `24 pt`. Wannan yana nufin tsayin kowane alƙalami bai wuce milimita shida ba. Masu rubuta allunan talla suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa kowane mita uku na nisa yana son harafi mai tsayin kusan santimita biyu da rabi kafin a karanta shi cikin sauƙi. Ke nan abin da fostar ta fi buƙatar mutum ya ɗauka ya tafi da shi, shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi duhu a cikin rubutunta. Gyaran a bayyane yake: lambar waya ta koma ruwan madara, wanda ke ba da kusan 11.8:1 a kan wannan shuɗi, a ƙara mata girma har ta cika faɗin takardar. Jimlar cikin ɗamara kuma ta koma shuɗin bango.

Akwai wata ƙa'ida da ke fitowa daga nan, wadda ta shafi zanen fenti ma: kada a taɓa ambaton launi shi kaɗai, a faɗi abin da yake zaune a kai da abin da ke gefensa. Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris, ya sha samun ƙorafi cewa baƙin zaren da suke rinawa ba shi da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da aka saƙa kusa da shi ne suke canza yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa bayanin a 1839. Duk telan da ya taɓa ɗora zare a kan shadda ya ga ya canza masa fuska ya san wannan. Toka a kan ja takan yi kore-kore, ita ɗin dai a kan shuɗi takan yi ɗumi, wato ta karkata zuwa ruwan goro. Saboda haka "akwai toka" rabin bayani ne, "toka a kan ja, ta kewaye shi ta gefe uku" shi ne cikakke.

Haske kuma tambayoyi uku ne: daga ina yake zuwa, mai kaifi ne ko mai laushi, kuma ina inuwa ta faɗi. Domin nuna wuri, a ɗauki hoton kamar fuskar agogo, ƙarfe goma sha biyu a sama, uku a dama, tara a hagu. Kaifi da laushi a bakin inuwa ake gane su. Ranar tsakar bazara tana yanka inuwa kamar da wuƙa, hasken da ya ratso hazon hunturu kuwa inuwarsa ba ta da baki, tana narkewa a hankali. Waɗannan kwatance biyu sun fi kowace kalma ta fasaha saurin isa ga mai sauraro.

A samfurin kwamfuta dole ne a yi wa kowane abu wannan tambaya daban, domin sau da yawa hotunan daga wurare daban-daban aka tsinto su aka haɗa. Oga ya ce, "Ƙwaryar, wane gefenta ya fi haske?" Yaron ya duba ya ce na hagu, daga sama, kamar ƙarfe goma, kuma hasken mai laushi ne. "Ludayin fa?" Shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce akwai wani ɗigon ƙyalli fari a gefensa na dama. "Inuwar da ka sa a ƙarƙashin ƙwarya, ina ta karkata?" Hagu. To an samu rana biyu a hoto ɗaya. Hasken da ya zo daga ƙarfe goma inuwarsa tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, ƙasa ta dama. Mai wucewa ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba, amma zai ji cewa ƙwaryar liƙa ta aka yi, ba a ajiye take ba, kuma abincin da ya yi kama da na jabu ba ya jan sha'awa.

Abu na ƙarshe da ake tambaya shi ne tafiyar ido. Mai zane ya kau da kai na ɗan lokaci, ya juyo, ya faɗi abin da ya fara gani, da na biyu, da na uku, da inda idonsa ya fita. Gara ma ya kira wani da bai taɓa ganin aikin ba ya tambaye shi, domin wanda ya kwana a kan zane idonsa ya riga ya haddace hanya. A fostarmu amsar ita ce farin nono da farko, tunda nan ne mafi haske ya haɗu da mafi duhu, sannan ido ya hau mariƙin ludayi ya bi shi zuwa kusurwar sama ta dama, ya fice daga takardar. Duk abu mai tsawo da ya karkata, sanda ko hannu ko hanya ko kallon mutum, kibiya ce, ido yana bin ta. Oga ya duba taswirarsa ya ce a juya hoton ludayin, dama ta koma hagu. Gyara ɗaya ya kashe matsala biyu: ƙyallin ya koma gefen da hasken ƙwarya yake, mariƙin kuma ya nuna kusurwar sama ta hagu, inda harafin farko na babban rubutu yake, tunda boko daga hagu ake fara shi. Da rubutun da ajami aka yi, da barin mariƙin a dama ya fi, sai a nemi wata hanyar gyara ƙyallin.

Kafin a kashe waya, oga ya karanto abin da ya zana a takardarsa, gida bayan gida, yaron yana cewa haka ne ko ba haka ba. Wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba. A nan ake gano cewa ɗamarar da oga ya ɗauka tana sama ashe tana ƙasa, ko ƙwaryar da ya zana ƙarama ashe ta ninka haka. Gyaran da aka gina a kan taswira marar daidai ya fi rashin gyara ɓarna, domin yaron zai bi umarnin oga ya lalata abin da yake daidai.

Idan zanen fenti ne a kan kyalle, tsarin bai canza ba, sai dai babu lambar launi da za a karanto. Madadinta shi ne sunan da ke jikin bututun fentin, irin su `Ultramarine` ko `Yellow Ochre` ko `Burnt Sienna`, da abin da aka gauraya shi da shi, sannan matakin haske. A faɗi ko fentin mai ne ko na ruwa, da ko an shafa shi da kauri har yana da tudu ko siriri ne har ana ganin saƙar kyallen. A faɗi inda bakin abubuwa yake da kaifi da inda ya ɓace, domin a zanen hannu ido wurin kaifi yake zuwa. Mafi muhimmanci, a faɗi hasken da ake kallon zanen a ƙarƙashinsa. Ƙwan lantarki mai haske ruwan ɗorawa, na wajen 2700K, yana ƙara wa ja da ɗorawa armashi ya kashe shuɗi, farin ƙwai na 6500K kuma yana yin akasin haka. A fito da zanen bakin ƙofa da rana, cikin inuwa, inda rana ba ta dukansa kai tsaye, sannan a fara bayani.

Akwai iyaka, kuma ya kamata oga ya faɗe ta da bakinsa domin kada yaron ya ɗauka an duba komai. Baki ba ya iya isar da tazarar da ke tsakanin harafi da harafi, ko tsabtar yankan da aka yi wa hoton ƙwarya, ko akwai ɗan farin zare da ya rage a gefenta. Ba ya isar da kyawun hannu a zanen fenti. Lambar launi ma ta fuskar kwamfuta ce, RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma shuɗi mai kaifi yakan dawo daga wajen bugu ya yi duhu ko ya karkata zuwa shunayya. Wannan sai an buga gwaji guda ɗaya an riƙe a hannu. Abin da za a iya yi ta waya shi ne a sa yaron ya duba wasu abubuwa da kansa ya kawo amsa: ya faɗaɗa hoton ƙwaryar ya bi gefenta, ya tabbatar girman fayil ɗin ya kai pixel 3508 × 4961 idan ana son A3 a kan `300 dpi`, ya ga ko bangon ya zarce layin yanka da milimita uku a kowane gefe, sannan ya karanta rubutun harafi-harafi yana neman ɓ da ɗ da ƙ. Nau'o'in haruffa da yawa ba su da waɗannan uku, sai manhajar ta aro su daga wani nau'in ko ta bar akwati a wurinsu, kuma a jimlar ɗamarar nan akwai kalmar "ƙofa".